Doguwa a Aji Biyu, Gajeriya a Ranar Aure: Yadda Balagar Wuri Ke Cinye Tsawon Yaro

A ƙasar da tsumburewar yara ta zama ruwan dare, tsawo abin alfahari ne. Duk yarinyar da ta yi wa sa'o'inta zarra, har tela ya koma yi mata sabon ɗinkin makaranta sau biyu a shekara, yabo take sha daga dangi. Wani ya ce tsawon kakanta ta ɗauko, wani ya ce ai cimar gidan ce. Sau da yawa gaskiya suka faɗa. Amma akwai wani irin tsawo da likitocin yara ke kallo da fargaba, wato wanda ke zuwa bagatatan tare da alamomin balaga tun yaro bai kai lokacinsa ba. Irin wannan yaron shi ne mafi tsawo a aji biyu na firamare, kuma idan aka zura wa abin ido, yana iya ƙarewa cikin mafi gajarta a tsakanin sa'o'insa idan an girma. Dalilin haka yana cikin ƙashi.

Likitoci na kiran balaga ta wuri idan alamominta suka bayyana kafin shekara 8 ga mace, ko kafin shekara 9 ga namiji. Ga mace, alamar farko ita ce ƙirgar dangi, wato ɗan ƙullutu mai tauri da ke fitowa a ƙarƙashin kan nono. Al'ada ba ita ce farko ba, don takan biyo baya da kimanin shekara biyu zuwa biyu da rabi. Ga namiji, alamar farko girman 'ya'yan maraina ce, wadda iyaye ba su cika lura da ita ba, sai an kai ga sauyin murya da fitowar gashi sannan hankalinsu ya kai wurin.

Inda tsawo ke fitowa

Doguwar ƙashi, kamar ta cinya ko ta ƙwauri, ba ta miƙewa daga tsakiya. A kusa da kowane ƙarshenta akwai wani siririn faifai na guringuntsi, kuma daga nan ne duk wani ƙarin tsawo ke fitowa. A saman faifan akwai ƙwayoyin halitta da ke zaune a ajiye. Kaɗan-kaɗan suke farkawa, su rarrabu, su jeru kamar an ɗora kwabbai ɗaya bisa ɗaya, su kumbura, sannan su mutu ƙashi ya maye gurbinsu. Kowane zagaye na wannan aiki yana tura ƙarshen ƙashin gaba kaɗan. Tarin waɗannan 'yan ƙananan turawa shi ne santimita 5 zuwa 6 da yaro ke ƙarawa a kowace shekara daga wajen shekara huɗu har zuwa balaga.

Ƙwayoyin da ke ajiye ɗin nan suna da iyaka. Kamar hatsi ne a rumbu: ana ɗiba, ba a zubawa. Idan ikonsu na rarrabuwa ya ƙare, faifan yakan sirance, ƙashin sama da na ƙasa su haɗe, daga nan kuma babu abinci, babu motsa jiki, babu allurar da za ta ƙara ko da rabin santimita.

Sinadarin da ke iko da saurin ɗibar rumbun nan shi ne istirojin, wanda aka fi sani da sinadarin mata. Aiki biyu yake yi a lokaci guda. Na farko, yana zaburar da ƙwaƙwalwa ta ƙara fitar da sinadarin girma, sai yaro ya zabura da tsawo, mace ta riƙa ƙara kimanin santimita 8 zuwa 9 a shekara, namiji kuma 9 zuwa 10. Na biyu, yana tsofar da faifan, yana gaggauta ranar rufewarsa. Saboda haka zaburar balaga, ko da ta zo a kan lokacinta, ita ce tafiya ta ƙarshe.

An daɗe ana zaton cewa ga maza testosteron ne ke rufe faifan. A 1994 likitoci a Amurka suka wallafa labarin wani mutum mai shekara 28 da tsawonsa ya kai santimita 204, kuma bai daina ƙaruwa ba. Ya balaga kamar kowane namiji, yana da gemu da murya, testosteron ɗinsa daidai yake, amma an haife shi da tawaya a ƙwayar gado da ta hana jikinsa jin saƙon istirojin. Hoton ƙashinsa ya nuna faya-fayan a buɗe, kamar na ɗan shekara 15. Wannan ya tabbatar da cewa ko a jikin namiji istirojin ne ke rufe ƙofar, domin jiki na juya wani ɓangare na testosteron ya koma istirojin.

Lissafin asara

Balaga gaba ɗayanta tana ba mace kimanin santimita 20 zuwa 25, namiji kuma 25 zuwa 30. Wannan kason ba ya ninkuwa don an fara da wuri. Abin da ke bambanta shi ne tsawon da yaro ya riga ya tara kafin a fara. Yarinyar da ta shiga balaga tana da shekara 10 ta ɗora kasonta a kan ginin shekara goma. Wadda ta shiga tana da shekara 6 ta ɗora nata a kan ginin da ya rasa shekara huɗu na santimita biyar-biyar. Jiki yakan ɗan rama, domin masu farawa da wuri sukan sami kaso mai ɗan yawa, amma idan wurin ya yi wuri sosai ramuwar ba ta cike giɓin.

Wannan lissafin ne ma ya bayyana mafi yawan tazarar kimanin santimita 13 da ke tsakanin maza da mata. Zaburar maza takan makara da wajen shekara biyu, kuma a shekarun nan biyu suna ci gaba da tara tsawo a hankali kafin su buɗe rumbun ƙarshe. Manomi ya san irin wannan a gonarsa: hatsin da ya yi saurin fitar da kai ya gama tashi ke nan, wanda ya makara kuma yana ci gaba da miƙewa. Tsofaffin bayanan asibitoci, na zamanin da babu magani, sun nuna cewa mata masu balagar wuri sukan rasa kimanin santimita 12 daga tsawon da ya kamata su kai, maza kuma kimanin 20.

Wata yarinya mai shekara bakwai

Misali zai fi fito da abin fili. A ɗauki yarinya mai shekara 7 daidai, 'yar aji biyu, wadda mahaifiyarta malamar makaranta ce. Wata shida da suka wuce, wajen wanka, uwar ta ji ɗan ƙullutu a nonon hagu, bayan 'yan makonni na dama ya biyo. Kakar yarinyar ta ce ƙiba ce kawai, a bar ta. Abin da ya hana uwar kwanciyar hankali shi ne wandon makaranta da aka ɗinka farkon zango ya ɗage har saman idon sawu, takalmin salla ya matse, ga kuma warin hammata irin na manya.

A asibiti likitar yara ta fara da ma'auni. Tsawon yarinyar santimita 130, alhali matsakaicin tsawon 'yar shekara 7 bai wuce 121 ba. Sai ta tambaya:

"Malama, akwai inda aka taɓa auna tsawonta a bara?"

"Akwai, Likita. An rubuta a katinta lokacin da ta yi zazzaɓi, santimita 120."

Wannan lambar ta fi ta yau amfani, domin ta nuna yarinyar ta ƙara santimita 10 cikin shekara guda, kusan ninkin abin da ake tsammani a shekarunta. Yaron da tsawonsa na gado ne yakan kasance dogo tun yana ƙarami, kuma ya ci gaba da ƙara biyar ko shida a shekara kamar kowa. Wanda ya sauya gudu a tsakiyar hanya, shi ne ake bincika.

Daga nan likitar ta lissafa tsawon gado. Mahaifin santimita 175 ne, mahaifiyar 162. Ga 'ya mace, ana cire 13 daga tsawon uba, a haɗa da na uwa, a raba biyu. Wato 175 a cire 13 ya zama 162, a haɗa da 162 na uwa, a raba biyu, amsa 162. Ga ɗa namiji ƙara 13 ake yi a kan tsawon uwa. Lissafin ba ya bugun daidai, ana ba shi sararin kimanin santimita 8 sama ko ƙasa, amma yana nuna inda gado ya nufa.

Sai aka ɗauki hoton ƙashin hannun hagu, daga wuyan hannu zuwa yatsu. An zaɓi hannu ne saboda yana da ƙananan ƙasusuwa masu yawa, kowanne da lokacin da yake bayyana da lokacin da faifansa ke rufewa. Ana kwatanta hoton da na wani kundi da masana biyu, Greulich da Pyle, suka fitar a 1950 suka kuma sabunta a 1959, a nemi shafin da ya fi kama da shi. Hannun yarinyar nan ya dace da shafin 'yar shekara 10. Takardar haihuwa ta ce bakwai, ƙashi ya ce goma, kuma faifan girma da lissafin ƙashi yake aiki.

Akwai jadawalin da Bayley da Pinneau suka tsara a 1952, wanda ke nuna kaso nawa na tsawon ƙarshe yaro ya riga ya kai a kowace shekarar ƙashi. Mace mai shekarun ƙashi 10 ta cinye kimanin kashi 86 cikin ɗari. Idan 130 shi ne kashi 86, to ɗari bisa ɗari zai kama wajen santimita 151, wato ƙafa huɗu da inci goma sha ɗaya. Tsawon gado kuwa 162 ne, kusan ƙafa biyar da inci huɗu. Giɓin santimita 11 ke nan.

A kwatanta ta da ƙawarta ta aji, mai santimita 121, wadda ƙashinta ke daidai da shekarunta. Ita ta cinye kimanin kashi 76 ne kacal, saboda haka tana kan hanyar kaiwa kusan 160. Yau doguwar ta fi ta da santimita 9. Idan ba a yi komai ba, doguwar za ta iya ganin al'ada tana da shekara 9, bayan haka abin da ya rage mata bai cika wuce santimita 5 zuwa 7 ba, kuma kafin ta gama firamare faya-fayanta sun kusa rufewa. A daidai lokacin ne ƙawar za ta shiga tata zaburar. Wajen shekara 12 za su yi kai ɗaya, daga nan ƙawar ta wuce ta bar ta. Sauri ya haifi nawa.

Wannan hasashe yana da rauninsa. An gina kundin Greulich da Pyle a kan hotunan yaran Turawa masu hali na birnin Cleveland a shekarun 1930, kuma ƙashin yaran wasu al'ummomi na iya ɗan gaba ko baya da nasu. Likitoci biyu ma na iya karanta hoto ɗaya su saɓa da rabin shekara. Saboda haka tazarar 'yan watanni ba ta tayar da hankali. Tazarar shekara biyu ko uku ita ce magana, musamman idan hoto na biyu bayan wata shida ya nuna tana ƙaruwa.

Daga ina umarnin ya fito

Kafin a yi maganar magani sai an gano inda istirojin ɗin ke fitowa, domin hanya biyu ce. A hanya ta farko, agogon ƙwaƙwalwa ne ya buga kafin lokaci. Wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa yana fara sakin sinadarin umarni a kai a kai, kamar ƙwanƙwasa ƙofa. Wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashinsa, mai suna fituwitari, yana amsawa da sinadaran da ke tayar da ƙwan mace ko marainan namiji. Balaga ce ta sosai, a kan tsarinta, sai dai ta yi sammako. Irin wannan ya fi yawa ga mata nesa ba kusa ba, kuma a cikin kowace goma daga cikinsu, kusan tara ba a samun wata cuta a bayan abin. A wasu gidajen gado ne: a 2013 an gano wata ƙwayar gado da aikinta taka wa agogon birki, wadda tawayarta ke bayyana idan an gaje ta daga wajen uba. Shi ya sa likita kan tambayi shekarun da gwaggonnin yarinya suka fara al'ada.

Ga maza lamarin ya sha bamban. Balagar wuri ba ta cika samunsu ba, amma idan ta zo, yiwuwar a sami dalili a ƙwaƙwalwa, kamar ƙari ko tabon sanƙarau ko na rauni, ta fi ta mata yawa. Don haka ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ga duk namijin da abin ya shafa, da duk macen da ta fara kafin shekara 6, da duk yaron da ke da ciwon kai mai naci, amai, farfaɗiya ko matsalar gani.

A hanya ta biyu ƙwaƙwalwa na barci, sinadarin daga wani wuri yake kwararowa. Yana iya zama ƙari ko ƙullin ruwa a ƙwan mace, ko cutar gado ta ƙullutun da ke saman ƙoda, wadda ke sa su fitar da sinadaran maza fiye da kima. Yana iya zama daga waje ma: man shafawa ko man gashi mai ɗauke da sinadaran jinsi, ko ƙwayoyin tazarar haihuwa da yaro ya tsinta ya haɗiye. Alamar wannan hanya ita ce rashin bin tsari. Yarinya ta ga jini nono bai fito ba, ko yaro ya yi gashi da girman gaba amma marainansa na nan ƙanana. Jini ba tare da nono ba yana buƙatar bincike na musamman, domin rauni, ƙwayar cuta ko cin zarafi ma na iya kawo shi.

Gwajin jini ne ke raba hanyoyin biyu. Ana auna sinadarin fituwitari da ake rubutawa LH a takardar gwaji, galibi da safe. Idan sakamakon bai fito fili ba, sai a yi wa yaro allurar sinadarin umarni a sake aunawa: fituwitarin da ya farka zai amsa da ƙarfi, wanda ke barci ba zai motsa sosai ba. Ga mata ana ƙarawa da hoton ciki, don a ga ko mahaifa ta fara girma kuma a duba ƙwan. A misalin yarinyar nan, gwajin ya nuna agogon ƙwaƙwalwa ne, hoton kai kuma ya fito lafiya lau.

Abubuwan da ke kama da ita

Ba kowace alama ce balagar wuri ba. Jarirai mata 'yan ƙasa da shekara biyu kan fitar da ɗan nono da ke tsayawa wuri ɗaya ko ya koma da kansa. Wasu yara 'yan shekara shida ko bakwai kan yi warin hammata da ɗan gashi kaɗan, ba tare da nono ko girman maraina ba, kuma wannan daga ƙullutun saman ƙoda ne da suka ɗan yi sammako. Yarinya mai ƙiba kuma na iya tara kitse a ƙirji, mai laushi, babu ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin kan nono, ko da yake ita kanta ƙibar tana jawo balaga kusa. A duk waɗannan, gudun tsawo na nan yadda yake, shekarun ƙashi kuma ba su yi nisa da na haihuwa ba. Akwai ma akasi mai ban mamaki: yaron da sinadarin maƙoshinsa ya yi ƙaranci sosai na iya nuna alamun balaga alhali tsawonsa ya tsaya kuma ƙashinsa na baya da shekarunsa.

Ko a cikin masu balagar wuri ta gaske, wasu a hankali abin ke tafiya, har su kai tsawon gadonsu ba tare da magani ba. Wannan ne ya sa, idan yarinya ta kusa shekara 8 kuma ƙashinta bai yi gaba sosai ba, likita kan ce a dawo bayan wata uku zuwa shida a sake aunawa. Jiran nan shi kansa gwaji ne, da sharaɗin a koma ranar da aka sa.

Maganin da ke toshe kunne

Maganin hanya ta farko ya samo asali ne daga wani bincike da Ernst Knobil da abokan aikinsa suka yi a kan birai, wanda aka wallafa a 1978. Sun gano cewa fituwitari na amsa sinadarin umarni ne kawai idan yana zuwa yana yankewa. Idan aka kwarara shi babu tsayawa, sai fituwitarin ya daina ji, kamar mazaunin gefen injin niƙa da ƙarar ta daina damunsa. Daga farkon shekarun 1980 aka fara amfani da wannan dabara ga yara. Ana yi masu allurar wani sinadari mai kama da na umarnin, irin su lufrolaid ko tiriftorelin, wanda ke narkewa a hankali cikin tsoka tsawon wata ɗaya ko wata uku. Fituwitari ya yi shiru, ƙwan mace ya koma barci, istirojin ya sauka, ɗibar rumbu ta koma ta yau da kullum.

Abubuwa uku kan rikita iyaye. Na farko, a makonnin farko maganin kan ɗan zaburar da jiki kafin ya kwantar da shi, kuma wasu yara mata kan ga ɗan jini sau ɗaya bayan allurar farko. Na biyu, gudun tsawo zai ragu zuwa santimita 4 ko 5 a shekara, sai uwa ta ga kamar maganin gajarta ake yi wa 'yarta, alhali wannan ragin shi ne shaidar cewa yana aiki. Na uku, jinkirta allura ya fi komai ɓarna. Idan ƙarfin maganin ya ƙare, fituwitari ya farka, allurar da ta zo a makare za ta sake zaburar da shi. Maganin yana da tsada kuma na shekaru ne, don haka gara iyali su yi lissafin aljihunsu da likita tun kafin a fara, maimakon a riƙa yi ana tsallakewa.

Ribar tsawo ta dogara da lokacin da aka fara. Matan da aka fara wa kafin shekara 6 su suka fi amfana, sukan sami kimanin santimita 9 zuwa 10 sama da hasashen farko. Tsakanin 6 da 8 ribar ta fi ƙanƙanta kuma ta bambanta daga yarinya zuwa yarinya. Bayan shekara 8, ko idan shekarun ƙashi sun wuce 12, abin da ake samu kaɗan ne ƙwarai, domin magani na iya kare abin da ya rage a rumbu ne kawai, ba ya dawo da wanda aka riga aka ci.

Ga yarinyar misalin nan, idan aka fara tana da shekara 7 aka riƙe alƙawarin allura, tana iya kaiwa shekara 11 da tsawon wajen santimita 148 da shekarun ƙashi 12. Wato a cikin shekara huɗu ƙashinta ya tsufa da shekara biyu kacal. A nan ake dakatar da magani, balaga ta ci gaba daga inda ta tsaya, al'ada ta zo bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kamar sauran sa'o'inta. Tana iya tsayawa a wajen 157 ko 158. Ba ta cika 162 na gado ba, amma ta tsere wa 151. Bin diddigin matan da aka yi wa wannan magani tun shekarun 1980 bai nuna yana hana haihuwa ba, wanda shi ne tambayar farko da dangi ke yi.

Tsawo ba shi kaɗai ake aunawa ba wajen yanke shawara. 'Yar shekara takwas mai jikin 'yar sha uku har yanzu 'yar shekara takwas ce a tunaninta, amma idon mutane ba ya ganin takardar haihuwa. Ana ɗora mata aikin manya, ana yi mata faɗan manya, wasu kuma su fara yi mata kallon da bai dace da yarinya ba. Ko an yi magani ko ba a yi ba, tana buƙatar a yi mata bayani da harshen da za ta fahimta, tun kafin jini ya zo mata a aji, kuma a ƙara sa ido a kan waɗanda ke kusantarta.

Abin da ya fi taimaka wa likita a duk wannan bincike ba ya buƙatar kuɗi. Ranar haihuwa ce ta gaskiya, ba wadda aka gyara don shiga makaranta ba, da kuma ma'aunin tsawo na baya. Yaro ya tsaya ba takalmi, diddige da baya a jikin bango, a ɗora littafi a kansa, a ja layi, a rubuta kwanan wata, sau biyu a shekara. Idan tazarar layukan ta haura santimita 7 a shekara ga yaron da ya wuce shekara huɗu amma bai kai lokacin balaga ba, kuma ga nono kafin shekara 8 ko alamun maza kafin 9, sashen yara na babban asibiti ne wurin zuwa, a nemi likitan da ya ƙware a sinadaran jiki, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa. Kowane wata shida na jinkiri, ƙashin irin wannan yaro na iya tsufa da kusan shekara guda.